Fallayen da ke fitowa daga fiffiken jirgin sama: aikin filaf da silat, da yadda suke sauya saurin sitol

Duk lokacin da jirgin sama ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, tambayar farko da ke yawo a kafafen sada zumunta ita ce ko matuƙan sun fitar da filaf. Haka aka yi bayan hatsarin jirgin Air India ƙirar Boeing 787 a Ahmedabad ranar 12 ga Yuni, 2025: mutane suka yi ta zuƙo hoton bidiyo suna cewa fiffiken a shafe yake, babu abin da ya fito. Da rahoton farko na masu bincike ya fito a watan Yuli, sai ya nuna an tarar da sandar filaf ɗin a matsayi na 5, wato inda ya kamata ta kasance wajen tashi. Zargin bai tabbata ba, amma ya bar masu karatu da yawa cikin duhu. Mene ne filaf ɗin, mene ne ɗan'uwansa silat, kuma me ya sa ɗan fallen ƙarfe da ya zame daga fiffike zai iya raba jirgin da ya tashi lafiya da wanda ya kasa?

Sitol kusurwa ce kafin ta zama sauri

Sai an fara fahimtar sitol kafin a gane sauran. Sitol ba mutuwar inji ba ce. Jirgi zai iya shiga sitol injinansa na ruri da iyakar ƙarfinsu, kuma jirgin da ba shi da inji ko ɗaya zai iya shawagi na awanni bai shiga ba. Matsalar ta fiffike ce.

Fiffike yana ɗaga jirgi ne ta hanyar karkata iskar da ke bi ta kansa zuwa ƙasa. Abubuwa huɗu ke yanke yawan ƙarfin ɗagawar da zai samar: kaurin iska, saurin jirgi a cikinta, faɗin fiffiken, sai kuma siffarsa da kusurwar da ya fuskanci iskar da ita. Injiniyoyi suna rubuta haka:

```
L = ½ × ρ × V² × S × CL
```

L shi ne ƙarfin ɗagawa, ρ kaurin iska, V sauri, S faɗin fiffike. CL kuwa lamba ce da ta ƙunshi siffar fiffiken da kusurwarsa. Idan jirgi yana tafiya a miƙe, dole L ya yi daidai da nauyinsa. To idan matuƙi ya rage sauri, V ya faɗi, sai ya cike giɓin ta ɗaga hancin jirgin kaɗan domin kusurwar ta ƙaru, CL ya hau. Ya ƙara rage sauri, ya ƙara ɗaga hanci. Amma wannan ciniki yana da iyaka. A fiffike na yau da kullum, idan kusurwar ta kai wajen digiri 15 ko 16, iskar da ke bin bayansa na sama sai ta kasa manne masa, ta balle ta rikiɗe ta zama guguwa, ƙarfin ɗagawa ya zube, turjiyar iska ta yi tsalle. Wannan ballewar ita ce sitol.

Saurin sitol kuwa shi ne saurin da idan jirgi ya sauko gare shi, fiffiken ya riga ya kai ƙarshen kusurwarsa, babu sauran abin da zai ƙara. Saboda haka ba lamba ce kafaffiya ba. Jirgi ya ƙara nauyi, ta hau. Ya karkata yana kwana, ta hau: a karkatar digiri 60 fiffike yana ɗauke da ninki biyu na nauyin jirgin, saurin sitol ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Aka sauya siffar fiffiken kuma, ta sauya. A nan filaf da silat suke shigowa.

Dalilin da fiffike ɗaya ba ya isa

Jirgin fasinja na zamani yana yin mafi yawan tafiyarsa a sama da kilomita 800 a awa. Fiffiken da ya dace da wannan gudu siriri ne, ƙarami, mai lanƙwasa zuwa baya, domin kada turjiya ta cinye mai. Irin wannan fiffike ba ya son tafiyar sannu. Da za a ce da shi kaɗai za a tashi a sauka, da sai an yi titunan jirgi masu tsawon gaske, tayoyi da birki kuma su sha wahalar da ba za su jure kullum ba. Da kuma an ƙera babban fiffike mai kauri domin minti goma na tashi da sauka, da jirgin ya yi ta jan kayan da ba ya buƙata tsawon sauran tafiyar.

Mafitar da aka samu ita ce fiffike mai canja siffa. Filaf falle ne a gefen baya na fiffike, yana zamewa baya kuma yana sunkuyawa ƙasa. Silat falle ne a goshin fiffike, yana zamewa gaba da ƙasa, ya bar ɗan tsagi tsakaninsa da jikin fiffiken. Dabarar ta daɗe. Gustav Lachmann a Jamus da Frederick Handley Page a Birtaniya sun gano amfanin tsagin goshi kusan lokaci ɗaya, a 1918 da 1919, kowa da kansa. Ba'amurke Harlan Fowler ya fito da filaf mai zamewa baya a 1924, kuma har yau irinsa ne a kusan duk manyan jiragen fasinja.

Aikinsu ba ɗaya ba ne

An saba ambaton su tare, har wasu na ɗauka abu ɗaya ne a wurare biyu. Ba haka ba ne, kuma bambancin shi ne zuciyar maganar.

Filaf yana ƙara wa fiffike lanƙwasa, irin na Fowler kuma yana ƙara masa faɗi saboda ya zame baya kafin ya sunkuya. Sakamakon shi ne a kowace kusurwa, fiffiken yana ɗagawa fiye da da. Jirgin da ke buƙatar ɗaga hanci digiri 8 domin ya riƙe kansa a wani sauri, da filaf zai iya yi da ƙasa da haka sosai. Shi ya sa jirgin da ke gangarowa domin sauka ba ya tahowa hanci a sama sosai, matuƙi yana ganin titin a gabansa. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: filaf ba ya ƙara kusurwar da fiffike zai jure kafin sitol, rage ta ma yake yi kaɗan. Fiffiken da ya fi lanƙwasa yana tilasta wa iska ta yi kwana mai tsanani a goshinsa, don haka ta fi saurin ballewa.

Silat shi ke maganin wannan. A ƙaramar kusurwa kusan ba ya ƙara ɗagawa. Aikinsa shi ne ya jinkirta ballewar iska, ta yadda fiffiken da zai yi sitol a digiri 15 zai iya wuce digiri 20 yana riƙe da ita. Filaf ya ɗaga abin da ake samu a kowace kusurwa, silat ya faɗaɗa kusurwar da za a iya kaiwa. Idan aka haɗa su, mafi girman CL da fiffike zai bayar kan tashi daga wajen 1.5 zuwa kusan ninki biyunsa.

A kan yadda tsagin silat ke aiki, akwai bayani biyu. Wanda ya fi yaɗuwa, har a littattafan koyon tuƙi, yana cewa tsagin na hura iska mai ƙarfi daga ƙasan fiffike zuwa samansa, ta farfaɗo da iskar da ta gaji. Bayani ne mai sauƙin riƙewa, kuma ga matuƙi ba ya kai shi ga kuskure. Amma masana ilimin iska, musamman tun bayan nazarin da A. M. O. Smith na kamfanin Douglas ya wallafa a 1975, suna ganin bai faɗi ainihin abin ba. A saman fiffike, iska tana gudu sosai a goshi inda matsinta ya yi ƙasa, sannan dole ta rage gudu tana shiga wurin da matsi ke ƙaruwa har zuwa gefen baya. Kamar mai keke ne da ya gangaro da gudu ya doshi tudu ba ya taka feda: idan tudun ya yi tsayi da yawa, zai tsaya a tsakiya ya fara komawa baya. Silat yana rage tsayin tudun da ke kan babban fiffiken, ya kuma raba hawan gida biyu, kowane falle ya fara da sabuwar iskar da ba ta gaji ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake yi wa filaf ma tsagi, wani ɗaya, wani biyu, Boeing 727 da 747 na farko har uku.

Lissafi da jirgi ɗaya

A ɗauki jirgi na misali mai nauyin tan 60, faɗin fiffikensa murabba'in mita 125, wato kusan girman jiragen da ke ɗaukar fasinja 150 zuwa 180. Ana auna saurin jirgi da not, not ɗaya kuma kilomita 1.852 ne a awa. Idan aka juya lissafin da ke sama, saurin sitol zai fito haka:

```
Vs = √( 2W ÷ (ρ × S × CLmax) )
```

W nauyi ne, CLmax kuma mafi girman CL kafin iska ta balle. A daidai matakin teku, idan fiffiken a shafe yake, CLmax ɗinsa 1.5, saurin sitol ya kama not 139, kimanin kilomita 258 a awa. Aka fitar da silat da ɗan filaf na tashi, CLmax ya kai 2.1, ya sauko zuwa not 118. Aka saki filaf gaba ɗaya domin sauka, CLmax 2.8, ya zama not 102. Lambobin CLmax ɗin na misali ne, kowane jirgi da nasa, amma suna cikin abin da aka saba gani.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, CLmax ya kusa ninkawa, amma saurin sitol ya ragu ne da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai, domin lambar tana ƙarƙashin alamar tushen murabba'i. Wani zai ce wahalar ba ta biya ba. To amma ƙarfin gudun da birki zai shanye yana bin sauri ne ninki kansa. Dokar manyan jirage ta ce saurin da za a tsallake bakin titi da shi, wanda ake kira VREF, kada ya gaza ninki 1.23 na saurin sitol. Ga jirginmu, not 125 ke nan da filaf cikakke, not 171 in babu komai. Bambancin not 46 ne, amma ƙarfin gudun da za a kashe a kan titi ya kusa ninki biyu. Nan ribar take.

Na biyu ya fi ɗaukar hankali. Mafi ƙarancin saurin hawa bayan tashi, V2, bai kamata ya gaza ninki 1.13 na saurin sitol a siffar tashi ba. Ga jirginmu wajen not 133 ke nan, kuma matuƙi yana fara ɗaga hanci kafin ma a kai nan. Amma saurin sitol na fiffike a shafe not 139 ne. Wato idan aka manta ba a fitar da komai ba, matuƙin zai ja jirgin sama a saurin da ke ƙasa da wanda fiffikensa zai iya tashi da shi. Lambar da ke gabansa daidai ce, fiffiken da aka yi lissafinta dominsa ne babu.

A ƙananan jirage tazarar ba ta kai haka ba. Cessna 172S, wanda ɗaliban tuƙi da yawa ke koyo da shi, ba shi da silat. Agogon saurinsa yana nuna sitol a not 48 ba filaf, not 40 da filaf cikakke. Irin wannan jirgi yana tashi lafiya ba tare da filaf ba, abin da yawancin manyan jirage masu lanƙwasasshen fiffike ba za su yi ba a titi na yau da kullum.

Kaɗan wajen tashi, da yawa wajen sauka

Filaf ba kyauta yake bayarwa ba, yana zuwa da turjiya. Matakan farko suna ƙara ɗagawa da yawa, turjiya kaɗan, domin a lokacin fallen zamewa baya ya fi yi. Matakan ƙarshe kuwa sunkuyawa ce zalla: saurin sitol ya ɗan ragu, turjiya ta yi yawa.

Wajen tashi turjiya abokiyar gaba ce, saboda jirgi na buƙatar ya yi gudu ya kuma hau, har ma idan inji ɗaya ya mutu. Don haka ake ɗaukar matakan farko kawai. A Boeing 737 sandar tana da matsayi 1, 2, 5, 10, 15, 25, 30 da 40, an fi tashi da 5, ana sauka da 30 ko 40. A Airbus A320 matsayin su ne 0, 1, 2, 3 da FULL. Idan aka sa 1 a ƙasa, silat da ɗan filaf ke fitowa, allo ya nuna 1+F. Idan aka sa 1 a sama ana shirin sauka, silat kaɗai ke fitowa. A duka jiragen biyu sanda ɗaya ce ke sarrafa gaba da baya, kuma na goshi suna cikin na farkon fita, su ne kuma na ƙarshen komawa.

Wajen sauka turjiyar nan ita ake nema. Jirgin fasinja yana da santsi a iska, idan ya sunkuyar da hanci sai ya ƙara gudu. Filaf cikakke yana ba shi damar gangarowa a kan layin digiri 3 ba tare da saurin ya kuɓuce ba. Yana kuma sa a bar injinan suna ɗan aiki maimakon a kwantar da su gaba ɗaya, abin da ke da amfani idan aka fasa sauka, domin injin jet yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya farka daga ƙaramin juyi zuwa cikakken ƙarfi.

Inda ra'ayi ya rabu

Babu mataki ɗaya da ya fi kowane lokaci, kuma kamfanoni da matuƙa suna da dalilai a ɓangarorin biyu.

A tashi, ƙarin filaf yana sa jirgi ya bar ƙasa da wuri, don haka shi ake so a gajeren titi. Amma da zarar an tashi, hawan ya yi rauni. Ƙaramin filaf yana cin titi da yawa, amma jirgin ya fi hawa da kyau, shi ya sa ake zaɓarsa a filin da ke kan tudu ko lokacin zafi, inda iska ta yi sirara, injin ya rage ƙarfi, ko inda akwai duwatsu a gaba. A yau ba da ka ake yanke wannan ba. Ana shigar da nauyi, zafi, iska, tsawon titi da yanayinsa a na'urar lissafi, ita ke fitar da matakin filaf da saurin da za su tafi tare.

A sauka, muhawarar tsakanin filaf cikakke ne da wanda ya gaza shi da mataki ɗaya, wato 40 da 30 a Boeing 737, FULL da 3 a A320. Masu goyon bayan ragewa suna cewa turjiya kaɗan na nufin mai kaɗan da ƙara kaɗan a kan unguwannin da ke kusa da filin jirgi, kuma jirgin ya fi amsa umarni idan iska na kaɗawa. Masu son cikakke suna cewa 'yan not ɗin da aka ƙara suna ƙara tsawon titin da za a ci, suna ƙara zafin birki, hancin jirgin kuma ya fi ɗagawa, wanda a dogayen jirage yana kusantar da wutsiya ga ƙasa. Duka biyun halal ne a littafin jirgin. A dogon titi busasshe hujjar farko ta fi nauyi, a gajere mai ruwa babu mai gardama da ta biyu.

Idan fiffiken ba ya cikin siffar da ake zato

Ranar 16 ga Agusta, 1987, jirgin Northwest mai lamba 255, ƙirar MD-82, ya tashi daga Detroit ba filaf ba silat. Matuƙan sun tsallake jerin dubawar da ake karantawa yayin tafiya zuwa titi, na'urar da ya kamata ta yi kuka idan an tura inji alhali fiffike bai shirya ba kuma ba ta da wuta. Jirgin ya bar ƙasa da ƙyar, ya yi ta tangaɗi dama da hagu, ya bugi turakun fitila ya faɗi. Mutum 154 daga cikin 155 da ke ciki suka rasu, da biyu a ƙasa. Bayan shekara 21, ranar 20 ga Agusta, 2008, kusan abu ɗaya ya faru da jirgin Spanair a Madrid, shi ma MD-82, shi ma ƙararrawar ba ta yi kuka ba, mutum 154 suka rasu. Tangaɗin nan alama ce da masu bincike suka sani: fiffike biyu ba sa shiga sitol a daƙiƙa ɗaya, ɗaya kan riga ɗaya, jirgin ya rinjaya gefe.

Hatsarin da ya fi bayyana aikin silat shi kaɗai kuwa shi ne na jirgin American Airlines mai lamba 191, ƙirar DC-10, a Chicago ranar 25 ga Mayu, 1979. A daidai lokacin da yake ɗaga hanci, injin hagu ya ɓalle daga fiffike gaba ɗaya saboda tsagewar da aka yi wa maƙalarsa a wajen gyara. Da zai tafi ya yanke bututun haidirolik, wato na man da ke riƙe silat a waje, ƙarfin iska ya tura silat na wajen fiffiken hagu suka koma ciki, na dama kuwa suna waje. Saurin sitol na fiffiken hagu ya tashi daga not 124 zuwa 159.

Jirgin ya tashi, yana hawa da kimanin not 165, kuma a wannan sauri yana iya tafiya. Amma matuƙan ba sa iya ganin fiffiken daga kujerunsu, na'urorin da za su gaya musu silat sun saɓa ko sitol ya kusa kuma sun mutu tare da wutar da injin hagu ke bayarwa. Abin da suka sani shi ne inji ya mutu, ƙa'idar lokacin kuma ta ce a hau da V2, wato not 153. Suka ɗaga hanci domin su sauko ga wannan sauri kamar yadda aka koya musu. Da suka ratsa 159, fiffiken hagu ya shiga sitol, na dama yana ci gaba da ɗagawa, jirgin ya mirgina hagu ya faɗi. Mutum 273 suka rasu. Bayan nan aka gyara ƙa'idar ta yadda matuƙin da inji ya mutu masa yana sama da V2 ba zai zubar da duk rarar saurin da yake da ita ba, aka kuma wajabta na'urar gargaɗin sitol a gaban matuƙan biyu.

Saɓanin dama da hagu shi ne abin da masu ƙera jirgi suka fi tsoro a wannan tsari. Saboda haka jiragen yanzu suna da na'urorin da ke kwatanta motsin ɓangarorin biyu, idan suka ga bambanci su kulle fallayen inda suke. Gara a sauka da filaf rabi a duka gefen da a samu cikakke a gefe ɗaya.

Akwai kuma iyaka ta sama. Kowane mataki yana da saurin da ba a wuce shi, VFE, domin iska za ta iya lanƙwasa fallen ko maƙalarsa. A Cessna 172S mataki na farko yana jure not 110, sauran 85. Wannan ya sa janye filaf bayan tashi aiki ne na daki-daki: dole jirgi ya kai saurin da siffa ta gaba za ta riƙe shi kafin a janye, kuma a janye kafin ya wuce iyakar matakin da yake kai. Haka idan aka fasa sauka, ba a kwashe filaf gaba ɗaya, ana rage mafi yawan turjiyar ne kawai, a 737 a koma 15, sauran kuma sai sauri ya ƙaru.

Abin da fasinja ke gani da ji

Kukan na'ura da ake ji a ƙarƙashin kujerun tsakiya bayan an turo jirgi baya an kunna inji, yawanci filaf da silat ne ke fita. Wanda ke bakin taga a bayan fiffike zai ga fallen ya zame kaɗan, kuma a matakin tashi ɗan kaɗan ne ƙwarai, har daga nesa ko a bidiyon waya fiffiken kan yi kama da shafaffe. Wannan ne ya yaudari masu zuƙo hoton Ahmedabad.

Minti ɗaya ko biyu bayan tashi mutane kan ji kamar jirgin ya nutse, ƙarar inji ta ragu. A lokacin matuƙi ya rage inji daga ƙarfin tashi zuwa na hawa, ya ɗan sauke hanci domin ya tara saurin janye filaf. Jirgin yana ci gaba da hawa, tsananin hawan ne ya ragu. Kafin sauka kuma rugugi da ɗan karkarwa suna ƙaruwa mataki bayan mataki, har a ga haske ta tsagin da ke tsakanin fallayen. Allunan da ke miƙewa tsaye a saman fiffike bayan taya ta taɓa ƙasa ba filaf ba ne. Aikinsu akasin nasa ne, suna kashe ɗagawa domin nauyin jirgi ya zauna a kan tayoyi birki ya kama.

Idan matuƙi ya sanar cewa filaf ya ƙi fita za a ɗan yi shawagi, abin da ke gudana a gaba lissafi ne: sabon VREF, da tsawon titin da zai buƙata. Wani lokaci a karkata zuwa filin da ya fi dogon titi, a sauka da gudu fiye da yadda aka saba, motocin kashe gobara su biyo baya saboda zafin birki. Matuƙa suna gwada wannan sauka a na'urar horo. Haka ma idan aka rage kaya ko aka jinkirta tashi har rana ta yi sanyi a filin da ke kan tudu, sau da yawa lissafin nan ne ya ƙi daidaita: filaf ɗin da titin ke buƙata ya hana hawan da doka ta nema idan inji ɗaya ya mutu, wanda hawan ke buƙata kuma titin bai ishe shi ba, sai a rage nauyi har su biyun su haɗu.